Tsattsewar Bature da farashin hatsi a Kasuwar Dole

Rabi: Assalamu alaikum. Malamai, jimla ɗaya ta tsaya mini a wuya, kuma gobe Asabar da yamma shirin zai fita. An yi hira da Faransanci da wani jami'i mai bin farashin cimaka, ni zan ɗora muryar Hausa a kan tasa. An tambaye shi ko saukar da hatsi ya yi ranar Alhamis a Kasuwar Dole ta Damagaram, inda tiya ta ragu da dala 20, wato sefa 100, alama ce tsada ta juya baya. Sai ya buɗe amsarsa da karin maganar nan tasu mai kalma 7, wadda in aka bi ta kalma da kalma za ta ba da "tsattsewa ɗaya ba ta kawo bazara". Amsar duka sakan 24 ce. In bar ta haka, ko in zubar da tsuntsuwar in faɗi manufa kawai?

Sanusi: Wa alaikumus salam Yaya Rabi. Ai muna da irinta. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", ko "tsintsiya ɗaya ba ta shara". Ƙa'idar da aka koya mana ita ce karin magana da karin magana ake fassara ta, sai in an rasa.

Malam Lawali: Sanusi, ƙa'idar taka tana nan, amma kalmar "ɗaya" ce ta ja ka. Hannu da jinka, tsintsiya da shara, duka kiran haɗin kai ne: aikin ya fi ƙarfin mutum guda, a zo a taimaka. Tsattsewar ba aiki take yi ba da za a ce ta kasa. Shaida ce. Abin da maganar ke cewa shi ne alama guda ba ta isa a yanke hukunci ba. In Rabi ta sa jinka a bakin wannan jami'i, mai saurare zai ɗauka yana roƙon ƴan kasuwa su haɗa kai su rage farashi, alhali bai roƙi kowa komai ba.

Rabi, wadda kika rubuto kuma, matsalarta ba tsuntsuwar ba ce. Bazara ce. Kalmar da ya faɗa sunan lokacin da ke biyo bayan hunturunsu ne, daga wajen 20 ga Maris zuwa wajen 21 ga Yuni, sa'ad da ƙanƙara ta narke, itace ya yi toho, mutane suka tuɓe rigunan sanyi. Lokacin jin daɗi ne da ake ɗokin zuwansa. Masu fassara sun saba cewa bazara don watannin sun yi kusan daidai a kalanda. To amma tambayi duk wanda ya kwana a unguwar Birni a watan Afrilu mece ce bazara. Zafi ne, rijiya ta ja baya, rumbu ya fara ƙasa, dabba ta rame. Saboda haka mutumin Damagaram da ya ji "tsattsewa ɗaya ba ta kawo bazara" abin da zai shiga kunnensa shi ne: kada ku tsorata, wannan ƙaramin abu ba zai kawo wahala ba. Jami'in yana cewa kada ku yi saurin murna, ke kin sa shi yana cewa kada ku yi saurin tsoro. Kowace kalma daidai take da ƙamus, jimlar kuma ta juya baya gaba ɗaya.

Rabi: Wallahi ban lura da wannan ba Malam. Ni tsattsewar nake ta kallo, ina tunanin ko mutane sun san ta.

Mamman Sani: Sun san ta ƙwarai, ba su dai ɗora mata wani lokaci ba. Abin da muke kira tsattsewa a nan ya haɗa tsuntsaye fiye da iri ɗaya, kuma akwai waɗanda ke tare da mu shekara duka, suna sheƙa a ƙarƙashin rufin gine-gine. Wadda Bature ke nufi kuwa mai ƙaura ce. Tana barin Turai idan sanyinsu ya gabato, ta ƙetare hamada ta zo Afirka wajen Satumba da Oktoba, ta koma wajen Maris da Afrilu. Wato lokacin da take yi musu bushara, mu bankwana take yi mana. Tsuntsuwar da ke yi mana wannan aiki ita ce shamuwa. Tana isowa kafin ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta bar mu bayan damina ta nufi kudancin Afirka. Ni da ni ne sai in ce "shamuwa ɗaya ba ta kawo damina". Kalma 6, ba wanda zai tambayi ma'ana.

Sanusi: Wannan ta zauna! An gama ke nan.

Hajiya Zuwaira: Ba a gama ba ɗana. Ta yi daɗi a kunne, daɗin nata ma shi nake tsoro. Na farko, ba Bahaushen da ya gada ta, yanzu Mamman Sani ya ƙera ta. Gobe ta fita a rediyo, jibi ɗalibi ya rubuta ta a kundinsa a jerin karin maganar Hausa, daga nan ba mai iya cire ta. Na biyu, ta saɓa da abin da mutanenmu suka riƙe game da shamuwa. A wurin manomi, in ya ga ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida, ko ita kaɗai ce, ya san lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Mun fi karkata ga yarda da alama: "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Ka ga za ka sa jami'in yana ƙaryata wata tsohuwar shaida ta manoma, shi kuwa bai ambaci shamuwa ba.

Mamman Sani: Hajiya, manoman da suka yi shuka da ruwan farko a watan Mayu, aka yi sati 3 ba ɗigo, iri ya ƙone a ƙasa, sun san alama tana yaudara. Ba baƙon tunani ba ne a wurinsu.

Hajiya Zuwaira: Sun sani, amma ba shamuwa suke ɗora wa laifin ba.

Malam Lawali: Akwai abin da ya fi waɗannan biyun nauyi a wannan hira ta musamman. Yau muna tsakiyar Yuli. Damina ta riga ta sauka, shamuwa tana kan ƙwai ko ƴaƴa. Sannan maganar farashin hatsi ake yi, kuma damina ita ce lokacin da hatsi ya fi tsada, arha sai kaka. To in ya ce shamuwa ɗaya ba ta kawo damina, a cikin damina, a kan batun da damina ke nufin tsada, mai saurare zai tsaya yana lissafi: daminar a nan alheri ce ko tsadar ce? Karin magana tana aiki ne idan hotonta ya yi nisa da batun da ake kai, har mai ji ya gane nan take cewa misali ne. Tsattsewa da farashi sun yi nisa da juna, shi ya sa ta yi wa jami'in aiki. Damina da farashin hatsi kuwa maƙwabta ne, katanga ɗaya. Da a kan ƙwallo aka yi hirar, ƙungiya ta ci wasa ɗaya bayan ta sha kashi sau 6, da shamuwar Mamman Sani ta tashi lafiya lau.

Alhaji Ila: Ni dai in gaya muku gaskiya, wannan jami'i ya faɗi daidai. Wasu ne suka buɗe sito don suna bukatar kuɗi, shi ke nan. Hatsi ba ya sauka da gaske sai tumu ya fito. Duk mai jiran arha a Yuli zai daɗe.

Rabi: Alhaji, ba farashin muke gardama a kai ba, yadda za a faɗi maganarsa da Hausa ne. Amma ka ba ni wani tunani. "Tumu ɗaya ba shi ne kaka ba." Ya kuka gani?

Alhaji Ila: To, ai ni na ɗauka shawarar saye ake nema. Wannan ta tumu kuwa ta fi ta tsuntsu ma'ana.

Malam Lawali: Ta fi shamuwa daidaita da batun, don kaka ce lokacin sauƙi, kamar yadda wancan lokaci yake a wurin Turawa. Amma ciwon da na faɗa ya ƙaru. Jami'in farashi ya ce tumu a rediyo a watan Yuli, rabin masu saurare za su ce an fara ganin tumu a wani wuri, wataƙila ta wajen Magarya inda ruwa ke riga sauka. Ta tashi daga misali ta zama labari. Kuma har yanzu ƙirarki ce, ba tasa ba.

Kafin mu ci gaba da jera tsuntsaye da zangarniya, Rabi, rubuto mana sauran amsar. Ba a yanke wa karin magana hukunci ita kaɗai. Abin da nake so in sani shi ne ko ya sake taɓa hoton a gaba.

Rabi: Ya taɓa. Bayan karin maganar ya ce kasuwa ɗaya ce ta sauka, rana ɗaya, don ƴan kasuwa biyu sun fito da ajiyarsu lokaci guda. Sai ya rufe da cewa, yana ɗan dariya, a jira a ga wasu tsattsewar a Mirriya da Matamai da Magarya.

Malam Lawali: To wannan ya canza lissafin. Da sau ɗaya ya faɗe ta ya wuce, kamar yadda mutum ke cewa "in sha Allahu" a tsakiyar magana, da na ce ki zubar da ita ki ce "saukar farashi na rana ɗaya ba ya nufin tsada ta wuce". Ba abin da za a rasa sai ɗan gishiri. Amma ya gina ƙarshen amsarsa a kanta. In kika cire tsuntsuwar a farko, dole ki cire ta a ƙarshe, sannan dariyarsa tana nan a ƙarƙashin muryarki, mai saurare yana jin mutum yana dariya a kan jimlar da ba abin dariya a cikinta. Kuma kada ki manta a garin nan masu jin Faransanci da yawa suna sauraren shirin Hausa. Sakan 2 na farko da za ki bari muryarsa ta fito, karin maganar ce za su ji, don da ita ya fara.

Abin da zan yi shi ne in riƙe tsuntsuwar, in saki sunan lokacin. Ba dole ba ne a nemo wa wancan lokaci suna a Hausa, tunda ba mu da shi. Abin da ake bukata daga gare shi a wannan jimla abu ɗaya ne: wahala ta ƙare. Sai a ce, "Kamar yadda Faransawa ke cewa, ganin tsattsewa ɗaya ba shi ke nuna sanyi ya wuce ba." Na ƙara "ganin" da "nuna" don a gane shaida ce, ba mai kawowa ba. Gabatarwar ta kalma 5 tana gaya wa mai ji cewa maganar wata ƙasa ce, kada ya auna ta da tsattsewar rufin gidansa. Jimlar jami'in ta gaba, "kasuwa ɗaya ce, rana ɗaya", ita da kanta ta yi sharhi, ba sai kin ƙara naki ba. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tsari tun daga zaure: a ja baƙi, a ba da ma'anar kalmomi, sannan bayani ya biyo.

Sanusi: Malam, to wannan fassarar kalma da kalma ce ko mai ƴanci? Don na ga rabi da rabi ce.

Malam Lawali: Rabi da rabi ce, kuma da gangan. Karin magana ba dunƙule ɗaya ba ce da za a ce a ɗauke ta duka ko a bar ta duka. Wannan tana da tsuntsuwa, tana da lokaci, tana da dangantakar da ke tsakaninsu. Tsuntsuwar ta ƙetare lafiya, don ko ba ta nuna komai a nan, ba ta nuna kishiyar abin ba. Lokacin ne ya ƙetare da ƙarya, shi aka canza. A kowace karin magana ina neman kalmar da za ta faɗi wani abu dabam in ta sauka a ƙasarmu, kuma sau da yawa ba baƙuwar kalma ba ce, wadda kake ganin ka sani ce.

Hadiza: Ni ban gamsu ba cewa ba mu da kwatankwacinta. "Hangen Dala ba shiga birni ba." Ga alama an gani, ga abin da ake so bai samu ba tukuna. Kalma 6, kowa ya san ta, ba ƙira ba ce. Me ya hana?

Hajiya Zuwaira: Ita ce mafi kusa cikin duk waɗanda aka kawo, Hadiza, kuma na yi mamakin da ba ta fito da wuri ba. Ga inda suka rabu. Wanda ya hango Dala, Kano tana gabansa tabbas. Hanyar daidai ce, saura tafiya, sai dai ko ya isa ko kada ya isa. Wanda ya ga tsattsewa ɗaya kuwa, mai yiwuwa ne ita ce ta yi kuskure ta zo da wuri, sanyi yana nan daram. Ta farko tana cewa da sauran aiki, ta biyu tana cewa shaidar ba ta isa ba. In jami'in ya ce hangen Dala, ya amince ke nan farashi ya kama hanyar sauka, lokaci kawai ake jira. Shi kuwa cewa ya yi ƴan kasuwa biyu ne suka buɗe sito, wato mai yiwuwa Alhamis mai zuwa a koma gidan jiya. Ga mai shirin sayen buhu, bambancin nan kuɗi ne.

Hadiza: Na ji bambancin, amma a bakin mutane ba a tsaya nan ba. Ana faɗin hangen Dala ga duk wanda ya yi saurin murna. Wa zai zauna yana wannan rarrabewa a sakan 24?

Hajiya Zuwaira: Ba zai rarrabe ba, amma zai tashi da wani zato a ransa, kuma zaton ne ke kai shi kasuwa ko ya hana shi. Sannan ya za ki yi da ƙarshen amsar? A jira a hango wata Dalar a Mirriya?

Alhaji Ila: A kan maganar kuɗi kuma, wanda ya gan ta a rubuce zai ce dalar sefa 5 ake hange.

Hadiza: Alhaji, a baki ai ba ɗaya suke fita ba. Ƙarshen amsar dai na yarda ya ɗaure ni. Amma da bai maimaita ba, ni hangen Dala zan sa, ba zan sa Faransawa ba.

Sanusi: Akwai kuma "ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa". Ita ma jira take cewa a yi kafin a yanke hukunci.

Malam Lawali: A ma'ana ta fi jinka kusa nesa ba kusa ba, wannan karon ka kama hanya. Amma ba za ta fita a iska ba. Rediyon nan ana jin sa a Kara-Kara, kuma kowa ya san tarihin unguwar da masu wannan lalura. Ba za ka ɗauki jami'in da ya yi maganar tsuntsuwa ka sa shi ya taɓa mutane da cutarsu ba. In aka yi ƙorafi shi za a nema, shi kuwa bai faɗa ba. Duk karin maganar da za ka aro, duba abin da ta ɗauko a bayanta: gori, zambo, addini, ƙabila, sunan gari. Namu da yawa suna da haƙora, tasu wannan ba ta da ko ɗaya.

Abdu Tafinta: In kawo ta ɗaya gefen, daga Hausa zuwa Faransanci, don a gaban alƙali lissafin ba haka yake ba. A ce shaida ya ce ya ji wanda ake ƙara ya gaya wa mai ƙara, "Kifi na ganinka, mai jar koma." Tafinta mai son sauƙi zai ce da Faransanci "ina sa maka ido", ko "ka yi hankali da ni". Magatakarda ya rubuta, ta zama barazana a cikin takarda. Alhali maganar tana iya zama "na gane dabararka, ba za ka kama ni ba", wato mai faɗin shi ne kifin, shi ake farauta. A nan ba a zaɓa wa alƙali. Ana ba shi hoton yadda yake, kifi da mai koma, a gaya masa karin magana ce, sannan a nemi izini a tambayi shaidan abin da ya fahimta da ita. Fassarar ma'anar ta fito daga bakin shaida, a rubuta ta da sunansa. Yana cin minti 2 ko 3, amma ba agogon rediyo a kanka.

Malam Lawali: Daidai ne Abdu. A littafi kuma akwai ƙasan shafi, ka sa hoton a sama, bayani a ƙasa. Rabi ce ba ta da ko ɗaya, ba ƙasan shafi, ba damar tambaya. Don haka mu yi lissafin lokacinta. Sakan 24, a bar masa 2 a farko da 2 a ƙarshe, saura 20. Karatun rediyo da ba gaggawa yakan ɗauki kalma 5 a sakan 2, wato kalma 50 ke nan. Jimlata ta ci 16. Saura 34 ga sauran amsar. Rabi, ki karanta da agogo a hannu, don saurin bakin kowa dabam ne.

Rabi: Ga abin da na haɗa: "Kamar yadda Faransawa ke cewa, ganin tsattsewa ɗaya ba shi ke nuna sanyi ya wuce ba. Kasuwa ɗaya ce ta sauka, rana ɗaya. Ƴan kasuwa biyu ne suka fito da ajiyarsu lokaci guda. Mu jira mu ga sauran tsuntsayen a Mirriya da Matamai da Magarya kafin mu yi magana." Kalma 49. Na sa tsuntsaye don jam'in tsattsewa yana yi mini nauyi a baki.

Mamman Sani: A'a ƙanwata, cire tsuntsayen nan. A damina, in manomi ya ji jami'i yana cewa a jira tsuntsaye a Mirriya da Matamai, jan baki zai zo masa a rai, masu cinye zangarniya. Wanda ya kunna rediyo a tsakiyar amsar bai ji farkon ba, abin da zai ɗauka ke nan. Ki maimaita sunanta a tilo: "Mu jira mu ga ko wata tsattsewar za ta ɓullo a Mirriya, Matamai ko Magarya." Ya ma rage miki kalma ɗaya.

Hajiya Zuwaira: Ni kuma "Faransawa" zan mayar "Turawa". Maganar ta girmi Faransanci, tana cikin rubutun Aristo na Girka tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma harsunan Turai da yawa suna da ita. Tsawonsu kusan ɗaya a baki. Amma Rabi, shi jami'in ya ce "kamar yadda ake cewa", ko ku kuka ƙara masa?

Rabi: Bai ce ba Hajiya. Kai tsaye ya faɗe ta. Kuma ɗan ƙasa ne, ba Bature ba, ina jin ma yana jin Hausa.

Hajiya Zuwaira: To kin ga an sa masa kalma 5 da bai faɗa ba, a cikin muryar da ke cewa ita ce shi. Ƙarin bai canza manufa ba, na yarda, amma ƙari ne. In kina so ki fita daga wannan, ki mayar da jimlar farko taki: "Ya fara da wata karin maganar Turawa, cewa ganin tsattsewa ɗaya...", sannan ki koma bakinsa.

Malam Lawali: A rahoto haka ne Hajiya. A ɗora murya kuwa, in aka fara da "ya ce" aka koma "mu jira", mai saurare yana rasa wa ke magana. Mai jin Faransanci da ya ji karin maganar ya san ta Turawa ce ba a gaya masa ba. Mai jin Hausa ba shi da wannan sanin, kalma 5 ɗin su ke ba shi. Ni ban ɗauke shi ƙari ba. Amma tunda mutumin yana jin Hausa, akwai hanyar da ta fi duk gardamarmu: a kira shi a karanta masa. In ya ce shi da Hausa hangen Dala zai ce, shi ke nan, Hadiza ta ci, sai dai ki rubuta ranar da lokacin da ya amince.

Hadiza: In ya zaɓi Dala, Hajiya za ta ce shi ma bai gane abin da ya faɗa ba.

Hajiya Zuwaira: Zan ce ya sake magana, kuma yana da iko. Rabi ce ba ta da shi.

Abdu Tafinta: Ko an same shi ko ba a same shi ba, ki gwada ta a kan mutum 3 ko 4 da ba su jin Faransanci kuma ba su ji gardamar nan ba. Mai gadi, mai shayin bakin ƙofa, wata dattijuwa. Sau ɗaya za ki karanta, da saurin rediyo. Kada ki tambaye su ko sun gane, kowa zai ce e don kunya. Tambaye su: wannan mutum cewa ya yi hatsi zai ci gaba da sauka, ko zai hau, ko bai sani ba tukuna? Amsar da ake nema ita ce ta uku. In biyu suka ce zai sauka, ko wani ya fara yi miki maganar sanyi, jimlar ba ta yi ba.

Mamman Sani: Maganar sanyin nan ma ina da ɗan shakku a kanta. Mu in sanyi ya wuce zafi ne ke shigowa, ba kowa ke murna ba. Ko a ce "sanyin ƙasarsu", kalma ɗaya ce aka ƙara, kuma akwai wurinta tunda an rage ɗaya.

Malam Lawali: "Kamar yadda Turawa ke cewa... sanyin ƙasarsu ya wuce." Ya ɗan kashe mata kaifi, ta koma bayani. Ni zan bar sanyi haka, ko a nan ma ba wanda ke kewar hunturu da tsagewar ƙafa. Amma ki gwada duka biyun a wurin mutanen Abdu, kowace a kan mutane dabam, don wanda ya ji ta farko ya riga ya san amsa.

Rabi: Na gode ƙwarai. Na kira ofishinsu, an ce ya tafi Tanut sai Litinin, wayarsa kuma ba ta shiga. Zan gwada biyun da safe, mai shayi da mai gadi su ji ta sanyi, matan da ke sayar da ƙosai su ji ta sanyin ƙasarsu. Malam Mamman, in mai shayi ya tambaye ni wace tsattsewa, ta rufin kanti ko mai tafiya, lambarka zan ba shi.

Mamman Sani: Ba shi. Ni dai har yanzu ina ganin a hirar ƙwallo ta gaba shamuwata za ta shiga.

Hajiya Zuwaira: In ta shiga, a ce "in ji Mamman Sani", kada a ce "in ji Hausawa".